Tambarin ƙungiya

Mai buga buhuna a Ɗambatta ya ce in fayil ɗin tambari na SVG bai iso ba, zai karɓi aikin wasu. Glory, sakatariyar ƙungiyar manoman gyaɗa, ta buɗe PDF ɗin tambarinsu a manhajar zane ta Inkscape. Zanen gyaɗar ya fito sumul, amma haruffan sunan ƙungiyar sun sauya. Kwamfutarta ba ta da irinsu.

Shugabarsu, Goggo Aina'u, ta ce, "Aika haka mana!"

"Wallahi ba zan aika ba, Goggo! Mijina marigayi Nathan ne ya tsara rubutun nan."

Ta sake buɗewa, ta zaɓi a mayar da haruffan zane, ta adana SVG. Rubutun mijinta ya dawo.