Gwangwani Huɗu a Teburin Malam

Sau biyu Inna tana faɗuwa a darasin magunguna. Shekararta arba'in da ɗaya, ta yi shekara sha biyu tana goge ɗakin majinyata kafin ta shiga makarantar jinya, shi ya sa 'yan ajin suke kiranta Inna. A gwajin tsakiyar zango na uku ta ci tamanin da bakwai. Malamin darasin ya riƙe takardarta, ya ce ta same shi a ofis.

Ta san abin da yake zargi: satar amsa. Ta je da jakar leda, ta zazzage gwangwanin madara huɗu a kan teburinsa, kowanne cike da katuna da ta yanka daga kwali. Ta yi masa bayani a tsaye, don bai ce ta zauna ba. Sunan magani a gaba, danginsa da aikinsa da illarsa a baya. Gwangwanin farko kullum take dubawa, na biyu bayan kwana uku, na uku mako-mako, na huɗu sai bayan mako biyu. Katin da ta amsa daidai ya matsa gaba, wanda ta kuskure ya koma na farko, ko da ya kai na huɗu. Wata uku ke nan, a mota da lokacin da tukunya take kan wuta.

Malam ya ce gwangwani ba shaida ba ne, kowa zai iya yanka kwali.

"To ka tambaye ni, Malam. Yanzu. Ka bar ƙofar a buɗe."

Ya fara da lisinopril. Ta ce duk mai ƙarewa da pril 'yan gida ɗaya ne, tana kiransu gidan masu tari: suna sauke hawan jini, suna kawo busasshen tari, ba a ba mai ciki. Ya ce nebivolol. Ta ce ba ta da katinsa, amma lol a wurinta lallashi ne, masu lallashin zuciya ta rage gudu. Za ta ƙirga bugun jini kafin ta bayar, in bai kai sittin ba ta dakata ta gaya wa likita.

Ya ɗan yi murmushi, ya ce nystatin.

"Wannan baƙo ne, sunan masu ƙarewa da statin kawai ya ara. Ba ya rage kitsen jini, maganin farin baki ne da kaikayin gaba. Sau uku yana mayar da ni gwangwanin farko."

Magani na bakwai da ya tambaya ne ta kasa. Ta ce ba ta sani ba, ta ɗauki bironsa ta rubuta sunan a bayan hannunta.

Ya tura mata takardar. Ba ta taɓa ta ba. Ta ce a gaban aji ya riƙe ta, a gaban aji zai miƙa mata. Ta kwashe kayanta ta fita.

Ranar Litinin sunanta ya fara kira a gaban aji, ya miƙa mata takardar.