Amsar da Ke Shafin Baya

Auta ba ta iya faɗa ba, ba ta iya tsiwa ba, amma ta iya riƙo. In ka yi mata abu sai ta naɗe shi ta ajiye kamar yadda babanta tela yake ajiye ƙyallen da ya rage, da sunan wata rana zai yi amfani.

Abin da ta ajiye wa Gimbiya kuwa ba ƙarami ba ne. A jarrabawar gwaji, wadda 'yan ajin ƙarshe suke yi kafin babbar, an zaunar da su kusa da juna saboda lambobinsu a jere suke. Gimbiya, shugabar ɗalibai, mai farin hijabi da bakin zuma, ta kwashe amsar taƙaitawar Auta kaf, har da kuskuren harafi guda. Da malamin Turanci ya ga takardu biyu kamar an tsaga kara, ya kai ofis. Gimbiya ta riga kowa fashewa da kuka, kuma wanda ya riga kuka shi ake lallashi. Aka tsayar da Auta gaban taron safe aka ce ita ta yi satar amsa. Aka aika a kira babanta. Ya zo daga shago da tef ɗin awo rataye a wuya, ya tsuguna gaban shugaban makaranta, wanda ko ɗan fari na telan ya girme shi kaɗan, yana cewa a yi haƙuri kada a kore ta. Gimbiya tana bakin taga tana kallo, tana tauna cingam.

Wannan tsugunon ne Auta ta kasa haɗiyewa. Ta rantse wa babanta ba ita ba ce. Ya ce, "Na ji, Auta, ki bar wa Allah." Ta ce to. A ranta kuwa ta bar wa Allah rabi, ta riƙe rabi.

Malamin Turancin, ɗalibai suna ce masa Malam Almakashi, don ba ya shiga aji bai ce "a yanke" ba. Duk zangon ƙarshe a kan taƙaitawa ya ƙare.

"Jimla shida aka ce, ku ba da shida, ba bakwai ba," in ji shi. "Kowace jimla batu guda, cikakkiya, mai kai da ƙafa. Misali a yanke. Kwatance a yanke. Kuma wanda ya ɗauko jimlar marubuci ɗungurungum ya dire a takardarsa, sifili ne. Mai dubawa yana son ya ga kun fahimta, ba wai kun iya kwafa ba. Maki talatin ne a nan, wanda ya zubar da su sai ya yi da gaske kafin ya ga kiredit."

Lokacin da yake wannan bayani Gimbiya tana can tana zagayen kama masu makara, ko tana ofis tana kai wa malamai rahoton wasu. Me za ta yi da darasi, tunda ga rijiya a gefenta?

Mutum ɗaya ce ba ta guji Auta ba bayan abin kunyar nan, ƙawarta Tsinke, siririya mai yawan tsoro, wadda Turanci yake wa wuya kamar taunar tsakuwa. Ita wannan ne karo na biyu da take zana jarrabawar, kuma yayanta ya ce in ta sake faɗi ta haƙura da karatu. Kullum bayan an tashi sukan zauna a benci a bayan shagon tela, keken ɗinki yana ta ƙara, Auta ta karanta mata sakin layi ta rufe littafin da tafin hannu.

"To faɗa min da bakinki. Me mutumin nan yake nufi?"

"Wallahi na san abin, faɗar ce..."

"Faɗi yadda za ki gaya wa Inna. Sai mu mayar da shi Turanci."

A hankali Tsinke ta fara kamawa. Gajerun jimloli take yi, marasa ado, amma suna tsayawa da ƙafarsu. Sai dai ko ta yi daidai sai ta ɗago ta ce, "Haka ne, ko? Ke me kika rubuta?"

Ana gobe takardar Turanci Gimbiya ta tare Auta a bakin famfo.

"'Yar tela, gobe ki buɗe hannu, kin ji ko? Insha'i na haddace, fahimta zan lallaɓa. Taƙaitawar nan ce ba na son ganinta. Ki yi manyan baƙaƙe."

"Ba ki tsoron a sake kama mu?"

"A kama wa? Ai kin ga wanda aka kama wancan karon."

Auta ta sunkuyar da kai ta ce to. Gimbiya ta ɗauka tsoro ne. Ba ta san murmushi ake ɓoyewa ba.

Zauren jarrabawa ya cika, fanka ɗaya ce take juyi, ita ma da ƙyar. Mai sa ido wani dattijo ne baƙo, wanda ya fi damuwa da agogon bango da layin samarin da ke can baya. Auta tana gefen taga, Gimbiya a damanta, tazarar hannu guda. Tsinke tana bayan Gimbiya, tana karanta addu'a.

Auta ta yi insha'inta da sauri, ta gama tambayoyin fahimta, ta juya ga nassin taƙaitawa. A kan ambaliya a birane ne. Tambayar ta ce a jimla shida, ɗaya ga kowane batu, a faɗi abubuwa uku da ke jawo ta da hanyoyi uku na magance ta. Ta karanta sau biyu, ta ga batutuwan shida a ɓoye cikin tulin misalai. Gimbiya ta yi gyaran murya.

Sai Auta ta buɗe shafin ƙarshe na littafin amsarta, inda ake gwajin rubutu, ta fara aikin da ta kwana tana tsarawa. Ta zaɓi jimloli mafiya tsawo da ƙyalli a nassin, masu manyan kalmomi, ta kwafe su harafi da harafi. Ta ɗauko wadda marubucin yake ba da labarin wata kasuwa da ruwa ya ci, ta ɗauko mai lissafin gidajen da suka rushe, ta sa musu lamba ɗaya zuwa shida da rubutu ɓaro-ɓaro. Ko makaho ya shafa zai karanta. Ta tura littafin bakin tebur, ta dafe kai kamar mai tunani.

Ta wutsiyar ido tana ganin biron Gimbiya yana gudu. Har ta ga lokacin da Gimbiya ta duba nassin, ta ga jimlolin nan a ciki sak, ta gyaɗa kai cike da gamsuwa. Wani sanyi ya ratsa zuciyar Auta. Kwafa, ta ce a ranta, kwafa da kyau, kada ki bar ko waƙafi.

Da Gimbiya ta ajiye biro ta miƙe baya, mai sa ido ya ce saura minti goma sha biyar. Auta ta zabura, don ramin da ta haƙa wa Gimbiya ya ci lokaci fiye da yadda ta zata, ita kuma ba ta rubuta tata ba. Ta ja littafin, ta soke shafin bayan da layi biyu daga kusurwa zuwa kusurwa, ta koma ciki, ta kare da hannun hagu da gefen hijabi. Ta rubuta da Turancinta na kanta cewa mutane suna toshe magudanai da shara. Ana gini a kan hanyoyin ruwa. Ana sare itatuwan da ke riƙe ƙasa. Sannan magani uku, kowanne a jimlarsa. A ta biyar ta ga ta cusa batu biyu, ta soke ta raba su. Tana ɗiga aya ta ƙarshe aka ce a ajiye biro.

A waje, ƙarƙashin bishiyar da ke gaban ofis, ɗalibai suka yanyame Malam Almakashi da takardun tambaya. Gimbiya ta kutsa gaba, ta riga ta ja layi a ƙarƙashin jimlolinta.

"Malam, duba ka gani. Wannan, da wannan, har shida. Yadda suke haka na sa su, ko kalma ban taɓa ba."

Malam ya gyara tabarau. Ya duba, ya sake dubawa.

"Yadda suke?"

"Sak, Malam."

"Innalillahi. Ke, ina kike duk zangon nan? Ko batun ne ma kika kwafo haka, sifili ne. Balle huɗu daga cikinsu misalai ne kawai. Wannan lissafin gidajen, dalili ne ko magani? Talatin ɗin nan kin yi sadaka da su."

Gimbiya ta juyo tana neman Auta, ba ta kuwa sha wahalar nema ba, don tana tsaye daf da ita.

"Amma ai ke..." Sai ta haɗiye sauran.

"Ni me?" in ji Auta, a hankali, yadda kowa zai ji. "Ƙarasa mana, shugaba. Gaya wa Malam inda kika samo su."

Gimbiya ta ga ba mafita. In ta yi magana ta tona kanta, har da na wancan karon, in ta yi shiru ta haɗiye sifili. Malam ya dubi wannan, ya dubi waccan, ya cire tabarau, kuma Auta ta ga lokacin da abin ya faɗo masa. Hawayen Gimbiya suka zubo, na gaske wannan karon, babu kuma wanda ya matsa ya lallashe ta. Daɗi ya cika Auta har wuya. Ta so a ce babanta yana nan da tef ɗinsa, a tsaye.

Ta juya ta nemi Tsinke su tafi gida, ta ba ta labari tun daga tushe. Ta same ta a bayan taron, jingine da bango, takardar tambayarta a ƙasa.

"Tsinke, taso. Ya kika yi? Kin ga shara da gini da itatuwa, ko?"

"Na gan su," in ji Tsinke, muryarta can ƙasa. "Na rubuta su, shida cif, yadda kika koya min. Mutane suna zuba shara a hanyar ruwa, haka na fara."

"To ai shi ke nan! Kin ci!"

"Sai na ga Gimbiya tana ɗauka a wurinki. Na leƙa tata, na ga ba ta yi kama da tawa ba ko kaɗan." Ta ɗago ido. "Na ce ai Auta ba ta kuskure. Sai na soke tawa."