Buhu Ɗari Uku da Goma

Shekara talatin da ɗaya ina kwangilar gini a Tudun Wada, aljihuna ɗaya ne. Kuɗin wannan aiki su gama wancan, na wancan su sayi rodin wani. In akwai kuɗi a banki, na ci riba ke nan. Haka na sani.

Bara 'yata Bahijja ta dawo Zariya da mijinta. Aikin akanta ta karanta. Ta ce min, "Baba, bari in raba maka littafi. Kowane aiki da nasa."

Na bar mata tebur a shagon da nake kira ofis, ta kawo kwamfutarta. Ban yarda da abin ba. Amma tun da uwarta ta rasu ba mai zama da ni in ba ita ba, sai na ƙyale ta.

Aiki biyu gare ni a lokacin. Na farko azuzuwa shida na wata makarantar Islamiyya a Hanwa, naira miliyan arba'in da takwas. Kwamitin makarantar ba ya biya sai mataki mataki: kashi ashirin cikin ɗari a fara, ashirin da biyar in an kai linta, talatin in an yi rufi, ashirin in an gama. Biyar ɗin da ya rage suna riƙewa wata shida, ko gini zai nuna aibi. Kowane mataki sai injiniyansu ya duba ya sa hannu kafin mu kai takardar neman biya. Na biyun shaguna takwas ne na Hajiya Maijidda a Gyallesu, miliyan ashirin da biyu. Gyallesu ni nake tsayawa da kaina. Hanwa na bar wa Ɗantsoho.

Ɗantsoho birkila ne, shi ne shugaban ma'aikatana. Tare muka fara, muna ɗaukar kwaɓi a ƙarƙashin wani. Ya san lamba, bai san harafi ba. A gaban mutane Alhaji yake ce min. In mu biyu ne, sunana yake kira, Nagoda. Kullum bayan azahar sai in same shi inda yake aiki, mu ci ɗanwake a kwano ɗaya, ya yi min tsiya wai hannuna ya fi ƙarfi a kwano a kan cokalin gini.

Ranar wata Talata Bahijja ta juyo min da kwamfutar.

"Na gama na Hanwa, Baba. Ka ga kuɗin kwangila. Ka ga abin da aka kashe. Ka ga abin da ya rage a kashe kafin a gama. In aka tafi a haka, za ka faɗi da miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu."

"Akwai miliyan tara a banki."

"Ba naka ba ne tukuna. Na katako da kwanon rufi ne da kuɗin kafintoci. An ba ka ne ka yi aiki da shi."

"Ina kuɗin suka shiga?"

"Siminti. Lissafin injiniya buhu ɗari bakwai ne zuwa rufi. Rasit ɗin da aka rubuta wa Hanwa dubu ɗaya da goma ne. Buhu ɗari uku da goma sun yi yawa. A dubu goma goma, miliyan uku da dubu ɗari ɗaya."

"Wa ya karɓa?"

"Baba Ɗantsoho ne yake dangwala hannu. Amma ka dakata, ban gama na Gyallesu ba. Ribar da yake nunawa ta yi min yawa, miliyan biyu da dubu ɗari huɗu. Ka ba ni kwana biyu."

Ribar Gyallesu ba ta ba ni mamaki ba. Ni ne a wurin. Na ɗauki hulata na fita.

Na sami Ɗantsoho a Hanwa a kan tsani yana duba kan bango, leburori da kafintoci a ƙasa. Ban kira shi gefe ba.

"Ɗantsoho, sauko. Ina buhu ɗari uku da goma?"

Ya sauko a hankali, ya goge hannu a riga. "Na me, Alhaji?"

"Siminti. Littafi ya nuna. Hannunka ne a kan rasit."

Ya dube ni ya daɗe. Masu kwaɓi suka tsaya da shebur a hannu.

"Lissafina yana bango," ya ce. "Ɗakin maigadi. Je ka duba."

"Bango ba littafi ba ne. Ba ni makullin sito."

Ya ciro shi daga aljihu ya ɗora a kan bulo, bai miƙo min ba. Ya ɗauki cokalinsa da igiyar awonsa ya fita ta ƙofa. Washegari birkiloli uku ba su zo ba. Kafinta ya aiko wai yana da biki a Giwa.

Ranar Alhamis Bahijja ba ta gaishe ni da fara'a ba.

"Baba, shaguna takwas sun kai linta a Gyallesu?"

"Sun wuce."

"Rasit ɗin simintinsu buhu sittin ne kacal. Da me aka gina sauran? Da kunu?"

Ta nuna min wayarta.

"Na kira Malam Zulkiflu direba. Ya ce kai kake buga masa waya, ka ce ya biya Hanwa ya ɗauko ashirin, ya ɗauko talatin. Ya ce tun damina ake haka."

Gaskiya ne. A Gyallesu babu ɗaki mai ƙofa, a Hanwa kuwa mun fara gama ɗakin maigadi muka mai da shi sito. Duk simintin da na saya can ake saukewa, mai sayarwa ya rubuta Hanwa. In na buƙata in aika. Simintina ne, motata ce, aikina ne. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin fitar da kaya ba. Takarda kuwa, wa zan rubuta wa? Kaina?

Muka tafi Hanwa tare. Na buɗe sito da makullin da na karɓa. A bayan ƙofa, a kan bulon da ba a yi wa filasta ba, akwai rubutu da gawayi layi biyu. Na hagu abin da ya shigo. A saman na dama Ɗantsoho ya zana hula, irin tawa mai tsayi, har da karyawar da nake yi mata. A ƙasanta lambobi: ashirin, talatin, ashirin da biyar, arba'in, har kusa da ƙasa.

Bahijja ta haɗa a wayarta. Ta sake haɗawa.

"Ɗari uku da goma," ta ce.

Ta ɗauki hoton bangon. A ofis ta cire miliyan uku da dubu ɗari ɗaya daga littafin Hanwa ta mayar na Gyallesu, ta liƙa hoton a matsayin shaida, ta sa na sa hannu.

"Yanzu fa?" na ce.

"Hanwa na da ribar miliyan ɗaya da dubu ɗari tara. Gyallesu ta faɗi da dubu ɗari bakwai. In ka haɗa, kuɗinka bai canja ba, ko kwabo. Wanda ya ci riba da wanda ya faɗi ne suka canja."

Ta rufe kwamfutar. "Da laifina. Bai kamata in nuna maka rabi ba."

"Ba ke kika yi magana a gaban leburori ba."

"To ka je yau, Baba."

Ban je ba. Rufin Hanwa ya tsaya, kuma miliyan goma sha huɗu da dubu ɗari huɗu na rataye a kansa. In na je a ranar, zai ce kuɗin rufi ne suka kawo ni. Kowa ma zai ce haka. Na ƙudura sai na gama rufin da kaina, in karɓi kuɗin, sannan in je hannuna a wanke. Haka na gaya wa Bahijja. Ta ce, "Shi bai san kana jira ba." Na ce ta kula da littafinta.

Na nemo sababbin kafintoci daga Sabon Gari. Aikin sati uku ya ci bakwai. Kuɗinsu ya fi na da, Bahijja ta rubuta, ribar Hanwa ta ragu da dubu ɗari huɗu. Bayan azahar mai ɗanwake takan zo ƙofar makaranta. Ranar farko ta zuba na mutum biyu kamar yadda ta saba. Na biya, na ci abin da zan iya, na rufe sauran. Daga baya ta daina tambaya.

Injiniya ya zo ya hau ya duba, ya sa hannu. Muka kai takarda. Kuɗi suka shigo ranar Litinin. Ranar Talata da hantsi na tafi Tudun Jukun, gidan Ɗantsoho.

Yana zaure yana ɗaure kayan aikinsa a buhu. Ya shimfiɗa min tabarma, ya kawo ruwa. Muka gaisa, iyali, gajiya, kamar baƙi.

"Na ga bangon," na ce.

"Yaushe?"

"Kwana biyu da tafiyarka."

Ya tsaya da ɗaurin. Ya ƙirga da yatsu, a fili, ina kallo.

"Sati bakwai ke nan, Alhaji."

"Ban so ka ce kuɗin rufi ne suka kawo ni ba. An biya jiya. Ba na buƙatar komai a wurinka yau."

"Sati bakwai ina zuwa masallaci yara suna nuna ni. Surukina ya aiko yana tambaya ko gaskiya ne. Kai kana can kana gyara yadda za a gan ka."

"Simintin ni na ɗauka. Zan tara su duka in faɗa."

"Ka faɗa. Ya kamata." Ya ja bakin buhun ya ƙulle. "Na karɓi aiki a Kaduna, gidaje goma sha biyu. Shekara biyu. Gobe za mu tafi da yaran nan uku."

"Aikinka ne ya ci riba. Nawa ne ya faɗi. Bahijja ta ce a ware maka kaso."

"Ka gaishe ta. Littafinta bai yi ƙarya ba." Ya miƙe. "Na yafe, Alhaji. Allah ya sa a gama lafiya."

Mu biyu ne a zauren, ba kowa. Na jira ko zai ce Nagoda. Ya raka ni har bakin mota.

Ranar Laraba na tara ma'aikata a Hanwa na faɗa. Yawancinsu sababbi ne, ba su san wanda nake nufi ba. Suka saurara, suka koma bakin aiki.

Wata biyu bayan haka aka zo ƙarshe. Na ce wa mai filasta ya bar bayan ƙofar ɗakin maigadi. Injiniya ya zagaya da takardarsa, ya leƙa ɗakin, ya ce ba zai sa hannu a kan kashi ashirin ɗin ba sai an shafe ko'ina. Haka yarjejeniya ta ce, kuma ni na sa mata hannu.

Na sallami mai filastan ya je cin abinci. Na cire babbar riga, na kwaɓa rabin buhu, na ɗauki cokali. Na fara daga ƙasa. Hannuna ya manta aikin, sau biyu kwaɓin yana zubowa. Zanen hular na bari ƙarshe.

Da na koma ofis na ce wa Bahijja ta rubuta rabin buhu, Hanwa.