Layin Sama Na Ruwa Ne

Shekara ashirin da biyu na yi a wata masana'antar tace tina, wato ruwan sirka fenti, ina tsaye gaban tukunyar tacewa har gashin hancina ya ƙone. Shi ya sa a layinmu na Asawase ba mai kirana Iddrisu sai matata Mamuna, ita ma sai in ranta ya ɓaci. Kowa Injiniya yake ce mini. Ni ba injiniya ba ne, difloma ce da ni, amma ban taɓa gyara wa kowa bakinsa ba. Sunan ya yi mini daɗi, kuma shi ya kai ni ya baro.

Ƙanwata Sala tana da 'ya, Basma, ita ce ta farko a gidanmu da ta shiga jami'a, tana karatun injiniyan sinadarai. A shekararta ta biyu ta faɗi darasi guda. Aka ba ta dama ɗaya ta sake zama, in ta ƙara faɗuwa za a cire ta daga sashen. Yarinyar ta tsorata har ta miƙa wa uwarta wayarta, ta ce a kulle mata a akwati sai ta gama. Ana gobe jarrabawa, bayan la'asar, Sala ta jawo ta tsakar gida ta zaunar da ita gabana.

"Yaya, duba mata. Kana gida ga ilimi, me zai sa ta faɗi sau biyu?"

Na gyara zama, na sa tabarau. Matan gida na gyaran alayyafo a gefe, suna kasa kunne, ni kuwa ina son a ji ni.

Basma ta buɗe littafinta a wani zane da ta kwafa daga allo da hannunta. Haɗin benzin da toluwin ne, ruwa biyu masu kama da juna da ke gaurayewa lafiya lau. A ƙasa an jera kason benzin, daga babu zuwa ɗari bisa ɗari. Daga kusurwar hagu zuwa ta dama layi biyu sun tashi: ɗaya miƙaƙƙe a sama, ɗaya ya lanƙwaso ta ƙarƙashinsa kamar cikin ƙwarya. Bisa miƙaƙƙen ta rubuta "ruwa", a ƙarƙashin lanƙwasasshen ta rubuta "tururi".

Na yi dariya har da buga cinya.

"Kai, Basma! To ga abin da ya kayar da ke. Tun da uwarki ta haife ki kin taɓa ganin tukunyar da ruwa ke sama tururi na ƙasa?"

Mata suka kwashe da dariya. Basma ta sunkuyar da kai.

"Kawu, ai wannan na matsi ne," ta ce a hankali. "Malam ya ce dokar Raoult ce ta ba da miƙaƙƙen layin. Kowane ruwa yana ba da tururi daidai kasonsa a cikin haɗin, sai a tara su biyun. Don haka layin..."

"Malam ya ce, malam ya ce. Malamin naki ya taɓa riƙe famfon tukunya? Ke dai kin kwafa a birkice, kina gyangyaɗi. Shekara ashirin da biyu wannan zanen yana manne a bango gabana. Tururi sama, ruwa ƙasa. Kawo biron."

Na soke rubutunta da hannuna, na juya su. Na sa ta maimaita sau uku da ƙarfi kamar 'yar aji ɗaya. Sala ta ce, "Kin ji ko? Allah ya saka, Yaya." Basma ta kalli zanen ta daɗe, bakinta na motsi, ta ce to. Wallahi har yau in na tuna wannan "to" ɗin sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Washegari ta fita tun da sassafe, jarrabawa ƙarfe tara. Wajen takwas da rabi ina zaune ina jiran koko, sai wutar murhun gas ta fara lumshewa. Mamuna ta tsuke baki, ta cire tukunyar gas ɗin ta jijjiga ta kusa da kunnenta.

"Akwai saura," ta ce. "Ka ji ruwan na motsi."

Na ji shi kuwa, yana karkaɗawa a cikin ƙarfen. Abin da na sani ne tun ina saurayi: gas ɗin nan a matse yake, shi ya sa ya zama ruwa, in ka buɗe masa hanya matsin ya ragu sai ya tashi tururi. Matsi mai yawa, ruwa. Matsi kaɗan, tururi. Sai na tuna da zanen Basma. Zanen da ke bangon masana'antarmu na zafi ne, digiri ne a jere a gefensa, kuma can gaskiya ne tururi ke sama, don in zafi ya hau ruwa tashi yake. Na Basma fa, me aka jera a gefensa? Ko kallon gefen ban yi ba.

Na bar kokon, na shiga ɗakin Sala ba sallama. Takardun gwajin yarinyar na kan tabarma. Ga zanen, ga gefensa an rubuta matsi ƙarara. Na zauna na yi lissafin da ya kamata in yi jiya. A digiri ashirin, benzin shi kaɗai tururinsa yana da matsi saba'in da biyar a ma'aunin tor, toluwin ashirin da biyu. In ruwan rabi da rabi ne a ƙidayar ƙwayoyinsu, benzin zai ba da talatin da bakwai da rabi, toluwin sha ɗaya. Duka arba'in da takwas da rabi, daidai tsakiyar miƙaƙƙen layi. Ashe layin na ruwa ne. A cikin tururin kuwa, talatin da bakwai da rabi cikin arba'in da takwas da rabi na benzin ne, wato kashi saba'in da bakwai cikin ɗari. Na aza biro a kwance a kan wannan matsin, na bi shi dama, ya taɓa lanƙwasasshen layi daidai kan saba'in da bakwai.

Yadda na koya mata, ruwan ne ke da saba'in da bakwai, tururin hamsin. Wato mai saurin tashi ya zauna a tukunya, mai nauyi ya riga shi fita. Ko leburan da ya yi mako guda a wurinmu ba zai faɗi wannan shirmen ba. Da haka ake, da me muka tace shekara ashirin da biyu?

"Yaya, lafiya?" in ji Sala daga ƙofa.

"Lafiya lau. Ina wayar Basma?"

"Tana akwati mana."

Na zura takalmi na fita da rigar zaman gida. Trotro ta farko, wato motar haya, a cike take, ta biyu ta tsaya ɗaukar mata da kwandunan tumatir, ni ina ta faɗa da direba kamar shi ya yi mini laifi. Wata mata ta ce mini da yaren Twi, "Kawu, in sauri kake ka sauka ka tashi sama." Ko zagina ta yi na cancanta. Da na isa jami'a tara ta wuce da minti ashirin. An rufe ƙofar zauren, mai gadi ya ce ko shugaban makaranta ne ba ya shiga. Na roƙe shi ya miƙa wa Basma 'yar takarda mai kalma huɗu kawai: ruwa sama, tururi ƙasa. Ya kalle ni sama da ƙasa, ya ce in ina son a kore ta yau-yau to in ba shi.

Na zauna kan dakali ƙarƙashin wata bishiya, kusan awa uku. Na yi addu'ar kada tambayar ta fito. Na yi addu'ar in ta fito, Allah ya sa yarinyar nan ta raina ni. Ban taɓa roƙon Allah ya sa a raina ni ba sai ranar.

Sha biyu aka buɗe ƙofa. Basma ta fito a cikin na ƙarshe, ta hango ni, ta taho da sauri tana murmushi.

"Kawu! Har nan ka zo? Ta fito fa. Tambaya ta biyu, maki talatin. An ba mu zanen ba suna, aka ce mu sa wa kowane ɓangare suna, mu karanta kason ruwa da na tururi, sauran duk a kansu aka ɗora."

"Me kika sa a sama?"

"Tururi, yadda ka ce."

Na ce mata ta zauna, ta ƙi, ta tsaya tana kallona. Na faɗa mata duka, da tukunyar gas, da zanen bangonmu, da lissafin. Na ce, "Ke ce da gaskiya jiya. Ni ne na ɓata miki."

Murmushin ya tafi a hankali. Ta buɗe tafin hannunta, ga ɗan magogin fensir ya yi baƙi.

"Nawa na fara rubutawa," ta ce. "Har na gwada lissafin a bayan takarda, ya ba ni saba'in da bakwai a tururi. Sai na ce Kawu ya yi shekara ashirin yana wannan aikin, ni kuwa na riga na faɗi sau ɗaya. Na ce ni ce dai na sake birkicewa. Saura minti goma na goge duka."

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga mini murya ba. Da ta zage ni da na ji sauƙi. A trotro muka zauna kujera ɗaya, tana kallon taga. Da muka kusa Asawase ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Kada ka faɗa wa Mma. Tana alfahari da kai."

Na ce a raina zan faɗa ko ta hana. Na ce bari dai sakamako ya fito, wataƙila sauran tambayoyin su ɗauke ta. Bayan mako uku ya fito. Maki huɗu ta rasa ta haye, kuma wasiƙar cire ta daga sashen ta biyo baya.

Da yammar ranar ina zaune a tsakar gida, mata na nan a inda suke zama. Basma na wanke kwanuka a bakin famfo, ta ba mu baya. Sala ta fito da kwanon tuwo da miyar ayoyo, har da nama a kai, idanunta jawur. Ta durƙusa ta ajiye shi gabana.

"Yaya, kai dai ka yi iya ƙoƙarinka, kowa ya gani. Har makarantar ka bi ta. Kan yarinyar ne ba ya ɗauka."

Hannun Basma ya tsaya cikin ruwan kumfa. Ba ta juyo ba. Duk gidan na jiran Injiniya ya ce wani abu.

Na ce, "Sai haƙuri, Sala." Na jawo kwanon gabana.