Taron da Tukunyar Gwate Ta Tsawatar

Damina biyu a jere ruwa yana shiga ɗakin Lai'atu Kumai, a layin da ke bayan kwatas ɗin 'yan reluwe a Kafanchan. Maganin abin kwalbati ne, ita kuwa hukuma ta ce sai ta ga takarda da sa hannun gidaje talatin. To, ina za a same su? Taron ƙungiyar unguwa na ƙarshe mutum bakwai ne suka zo, biyu ma gyangyaɗi suka yi.

Laifin shugaba ne, Baba Romanus, tsohon direban jirgin ƙasa. Mutumin kirki ne, amma in ya miƙe gaisuwa sai ya faro daga shekarar da ya sauka a tasha. Da Lai'atu ta zama sakatariya, ya kawo mata batutuwa goma sha huɗu ta sa a sanarwa, har da maganar awakin maƙwabcinsu Dogara.

"Baba, wa zai zauna wa wannan?"

"Rubuta duka, 'yata. Kowane magana yana da amfani."

Ta ce to. Tana tsoron ɓata masa rai, amma ta fi tsoron ruwan sama. Ta tafi wurin Mama Afiniki mai sayar da abinci suka ƙulla, sannan ta sa takardar kabon don ta sami kwafi, ta rubuta:

"Taron unguwa, Lahadi ƙarfe huɗu, gindin mangwaron gidan Dogara. Magana biyu kawai: kwalbati, da sa hannu. Sauran batutuwa sai taro na gaba. Ana buɗewa da addu'a Mama Afiniki za ta ɗora tukunyar gwaten acca. Tana saukewa an tashi. Kowa ya zo da kwanonsa."

Ta manna ɗaya a bakin famfo, ɗaya a shagon Ndubuisi, ta ba da biyu aka karanta a majami'u bayan sujada. Baba Romanus ya gani, ya kwana uku ba ya amsa gaisuwarta.

Ran Lahadi benci bai isa ba, sai da aka ɗebo tabarmi. Baba ya miƙe, ya gyara murya, ya kamo zancen tasha. Lai'atu ta dubi wajen murhu. Mama Afiniki ta tura itace uku a wuta, ta zuba yakuwa. Ƙamshi ya taso, kowa ya waiwaya, har da mai jawabin.

"Mama, saura minti nawa?" ya tambaya.

"Ai ya kusa, Baba."

"To, kwalbati. Wanda ya yarda, ya ɗaga hannu."

Masu rubutu suka sa hannu, sauran suka dangwala yatsa. Lai'atu ta ƙirga sau biyu don ba ta yarda da idonta ba: gida arba'in da ɗaya. Daɗi ya kama ta.

Ta matsa za ta ba Baba haƙuri, sai ta ga ya sunkuya yana laluben ƙarƙashin kujerarsa. Ya zaro kwanon sha mai murfi, wanda ya fi na kowa girma.

"Sakatariya," ya ce, "wata mai zuwa maganar awaki. Kada ki manta ki rubuta tukunya."