An Cire Suna, An Bar Tsamiya

Aikin da Dakta Maniru ya ba ɗaliban ajinsa na kimiyyar kwamfuta ba shi da wuya a baki. Ya ce kafin a gina kowace manhaja sai an san abin da masu amfani da ita suke buƙata, kuma akwai hanyoyi huɗu na tono wannan: hira da mutum shi kaɗai, raba takardar tambayoyi, tara masu ruwa da tsaki a zaman bita, da nuna musu samfuri su taɓa su yi gyara. Kowane ɗalibai biyu su nemi wata matsala ta gaske, su gwada hanyoyin duka, su kwatanta. Ya faɗi haka yana goge allo, kamar mutane buhunan gero ne da za a soka wa ƙarfe a ga abin da ke ciki.

An haɗa Hafsat 'yar Bodinga da Badaru, yaro mai ƙoƙari wanda duniyarsa ba ta wuce maki ba. Ita ta kawo shawarar ƙungiyar manoman rani ta ƙauyen su mahaifiyarta, can ƙasar Shagari. Famfo ɗaya gare su mai aiki da hasken rana, shi ke tura ruwa cikin kwata zuwa gonakin albasa, kowa da layinsa. Manhajar da za su zana ta rabon layin ce. Hafsat ta zaɓi wurin ne don ƙanen mahaifiyarta, Kawu Haliru, ɗan ƙungiyar ne, ta san ba za ta rasa mai shigar da ita ba.

Da hira suka fara. Shugaban ƙungiyar, Alhaji Ashiru, ya karɓe su a zaurensa da fara'a da fura, ya ce komai lafiya lau, abin da kawai suke so shi ne saƙon waya mai tuna wa mutum ranarsa. Sauran manoman da Badaru ya yi wa tambayoyi, yana riƙe da biro kamar ɗan sanda, suka maimaita masa maganar Alhaji.

Kawu Haliru kuwa Hafsat ce ta je masa ita kaɗai, a gonarsa ta ƙarshen kwata, gindin wata tsamiya. Ba ta karanta masa tambaya ba. Ta ce ya ba ta labarin ranar ban ruwansa ta ƙarshe, daga fitowarsa gida. Ya yi ta kewaye-kewaye, ita kuma ta yi shiru ta bar shi, har shirun ya ishe shi ya fara magana. Ya ce a ƙa'ida layi juyawa yake, wanda ya sha da hantsi wannan karon, gaba sai ya sha da yamma. Amma duk ranar da nasa ya faɗo hantsi ko tsakar rana, lokacin da famfo ke da ƙarfi, sai a aiko a ce Alhaji ya yi sauyi, wani surukinsa ko ƙanensa na da uzuri. Shi sai bayan la'asar, rana ta yi sanyi, famfo na numfashi da ƙyar, ruwan ma kafin ya iso tsamiya ƙasa ta shanye rabi.

Ta tambaye shi me zai so manhajar ta yi. Ya ce duk wanda ya taɓa layi, kowa ya ga sunansa da dalilinsa.

Sannan ya dube ta ya ce, “Ɗiyata, wagga magana ke nib ba, ba makaranta ba. In tah hita, ni da noman rani mun rabu.”

“Kawu, ba mu sa sunan kowa,” in ji ta. “Haka dokar aikin take.”

Ta faɗi haka da zuciya ɗaya, kuma abin da aka koya mata ke nan.

Takardar tambayoyi ta biyo baya. Amfaninta, kamar yadda littafi ya ce, ta kai ga mutane da yawa cikin sauƙi, a samu abin ƙirgawa. Amma yawancin manoman ba sa karanta boko, don haka Badaru ya damƙa takardun a hannun sakataren ƙungiya ya bi mutane yana karanta musu yana cikewa. Sakataren ɗan 'yar Alhaji ne. Da takardun suka dawo, a tambayar “Ka gamsu da yadda ake rabon ruwa?” kusan kowa ya ce e, har da Kawu Haliru. Badaru ya zana da'ira mai launin kore a kwamfutarsa, ya yi ta kallon ta cike da jin daɗi.

Da suka kai wa Dakta Maniru abin da suka samu, sai ya tsaya a kan hirar tsamiya. Ya ce ga shi hira ta fito da buƙatar da takarda ba ta nuna ba, wannan saɓani ne, kuma aikin zaman bita ke nan: a tara kowa, a baje saɓanin, a daidaita. Hafsat ta ce ƙauye ne, ana gane juna. Ya ce ai ya gaya musu a cire suna. Ta so ta ƙara magana, Badaru ya taka mata ƙafa. A hanyar tasha ta roƙi Badaru cewa a zaman bitar ya faɗi buƙatar kawai, a ce tunaninsu ne su ɗalibai, kada ya kawo kalaman mutumin. Ya ce to. Irin “to” ɗin da ake ce wa mai talla ne.

An yi zaman a ajin wata makarantar firamare ranar da ba karatu. Alhaji Ashiru aka ba kujerar malami, manyan gari a bencin gaba, sauran a baya, har da Kawu Haliru. Badaru ya raba ƙananan takardu masu manne don kowa ya rubuta buƙatarsa, suka karɓa da ladabi suka zuba a aljihu. Duk tambayar da aka jefa, sai a jira Alhaji ya amsa, sannan aji ya ɗauka da “Haka na, ranka shi daɗe.” Wanda ya tsara irin wannan zama a littafi ya ɗauka mutane za su zauna kafaɗa da kafaɗa su yi gardama. Bai san garin da ƙarami ba ya musa wa babba a gaban jama'a ba, ko da gonarsa na ƙonewa.

Badaru ya ga zaman na neman mutuwa ba tare da ya haifar da abin rubutawa ba. Sai ya buɗe kwamfuta ya ce akwai wani manomi, ba zai faɗi suna ba, da ya ce ana sauya masa layi, kuma kafin ruwa ya iso tsamiya ƙasa ta shanye rabi.

Tsamiya ɗaya ce a duk faɗin kwatar. Kuma kowa a ajin ya san 'yar wa ce ke tsaye kusa da allo. Ba wanda ya waiwaya baya, wannan ya fi waiwayen muni. 

Alhaji Ashiru bai ɗaga murya ba. Murmushi ma ya yi, ya ce in akwai mai ƙorafi ai ga wuri, ya tashi ya faɗa, ƙungiya ta kowa ce. Sai ya kira suna a hankali.

“Haliru, kai ka ƙarshen kwata. Ana tauye ka?”

Kawu Haliru ya miƙe, dattijo mai furfura, ya rusuna. “Ranka shi daɗe, ni ban san wanga zance ba. Yara na, ba su hwahimci magana ba.”

“Madalla,” in ji Alhaji.

Badaru ya rubuta cewa an tattauna saɓanin, masu ruwa da tsaki sun cimma matsaya, buƙatar ba ta samu goyon baya ba. Da aka tashi Hafsat ta bi kawunta waje, ya hau babur ɗinsa bai dube ta ba. Ta juya kan Badaru ta zazzage masa duk abin da ke cikinta. Shi da gaske bai ga laifinsa ba, ya yi ta nanata cewa bai ambaci suna ba.

Saura samfuri. Suka zana fuskokin waya a kan kwali, suka koma ƙauyen, suna ba mutum ya danna da yatsa kamar gaske. Nan aka samu abin kirki, ba a musu: an gano rubutu ba zai yi ba sai saƙon murya, kuma mutane da lokutan salla suke gane layi, ba da agogo ba. Amma samfuri abin da aka zana kawai yake gwadawa. Shafin da zai nuna wanda ya sauya layi ba a zana shi ba, tunda bita ta kashe shi, don haka ba wanda ya ce ya ɓace. Maɓallin sauyi na nan a shafin shugaba shi kaɗai, Alhaji ya danna shi a kwali ya ce wannan ya yi. Kawu Haliru bai zo ba.

Ba a kore shi daga ƙungiya ba, mutanen wurin sun fi haka iya zama. Sai dai duk ranar layinsa sai a ce ana wankin farantan hasken rana, ko kwata ta fashe a sama ana gyara. A daidai lokacin ne kuma albasa ke ɗaura kai, lokacin da ba ta yafe ƙishirwa. Labarin ya iso Bodinga ta bakin Inna, mahaifiyar Hafsat, wadda ta faɗe shi tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

Rahotonsu ya fi na kowa a aji. Hafsat ta dage ta ƙara sakin layi cewa cire suna ba ya ɓoye mutum a ƙaramin gari, kuma bita ba ta fito da gaskiya in mai iko na zaune a gaba, gara a raba zaman gida-gida. Dakta Maniru ya ja layi a ƙarƙashin wurin da jan biro, ya rubuta cewa nazari ne mai zurfi, har ya karanta wa aji. Manhajar kuwa dama ba wanda zai gina ta, aikin aji ne. Baƙin cikin wannan ya fi komai cin Hafsat.

Lokacin cirar albasa ta shiga mota zuwa Shagari, ta hau babur zuwa ƙauyen. A hanya gonakin saman kwata sun tara albasa jajaye tuli-tuli. Ta sami Kawu Haliru gindin tsamiya yana tsintar tasa a kwando, ƙanana kamar goro, ganyen ya bushe tun kafin lokaci. Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa da cikakkiyar gaisuwa, ya tambayi Inna da mutanen Bodinga ɗaya bayan ɗaya, irin gaisuwar da ake yi wa baƙon da aka girmama. Bai ce mata ɗiyata ba.

Ta fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu ya tsayar da ita.

“Jarrabawar taku, kin ci?”

Ta sunkuyar da kai. “Na ci, Kawu.”

“To, alhamdu lillahi,” ya ce, ya jefa wata 'yar albasa cikin kwando. “Gonag ga dai ta yi ma wani amfani bana.”