Tazarar Sakan Uku

Ina ganin Autata ta shigo ta huɗu a gudun mita ɗari takwas, na hau naɗe dardumata. Kwana biyu kan bencin siminti, wasa bakwai, ga sakayyar.

Kocinta ya hauro yana haki. "Mama, ina zuwa?"

"Gida. Da idona na ga mai jar rigar nan ta wuce ta."

"Nan ba a duba wa ya riga wa. Kowane wasa da jadawalinsa: lokacin gudu, tsayin tsalle, nisan jifa, duk maki ake mayar da su a tara. Bayan jifan mashi Auta ce a sama, mai jar rigar ce ke biye, Auta na gabanta da maki saba'in. A wannan gudun, sakan ɗaya kusan maki goma sha huɗu ne."

"To da sakan nawa ta wuce ta?"

"Uku."

Na lissafa da yatsu, arba'in da biyu, bai kai saba'in ba. Ban yarda ba sai da allo ya kawo jimilla, sunan Auta a sama.

Na koma na zauna. Tana kwance a bakin layi tana ɗago mini hannu, ni kuwa ina son sauka wurinta, ko takalmina ɗaya ban gani ba.